Wane lissafi ya kamata mai motoci ya riƙa dubawa duk sati?

Masu motocin haya a nan Sakkwato, wanda ke da bas uku ko biyar, in za ka zaɓi abin da manaja zai riƙa kawo maka a rahoton sati, don Allah kar ka tsaya ga jimlar kuɗin da suka shigo. Wannan daɗin ido ne kawai, tun da aka cire tallafin mai a 2023 mota na iya kawo kuɗi masu kauri amma tanki ya cinye su. Yawan sawu ma haka, direba zai cika maka sawu da rabin fasinja.

Ni abin da na riƙe shi ne lita nawa kowace mota ta sha a kilomita 100. Litinin da safe a cika tanki fal a gidan mai guda, a rubuta lambar mitar kilomita ta motar, duk man da aka ƙara cikin sati a rubuta litarsa ba kuɗinsa ba don farashi na canzawa, Litinin ta zagayo a sake cikawa a haɗa da wannan. Sai ka raba lita da kilomitar da mita ta ƙara a satin, ka ninka da 100.

A ce bas ɗinka na Birnin Kebbi, zuwa da dawowa wajen kilomita 300, kwana shida 1,800 ke nan. Ta sha lita 270, wato 15. Wani satin ta sha 324, ta koma 18 alhali hanya ɗaya ce. Lita 54 ta ɓace, in lita naira 900 ce, naira 48,600 ke nan. Amma fa kar ka yi saurin zargin direba, fara kai ta wurin bakanike, taya mara iska ko tsofaffin fulogi ko lodin da ya wuce kima duk suna ƙara shan mai. Kuma mota da kanta ake gwada ta, kar ka haɗa Sharon da Hummer.

Rasit kuwa, wallahi a nan na ƙone. Wata huɗu wani direbana na kawo min rasit mai hatimi tsaf, ashe sun haɗa baki da yaron gidan mai, a zuba 30 a rubuta 40, wani lokacin kuma a zuƙe a jarka a kai wa 'yan bumburutu. Da na fara wannan lissafi sai aka ce wai mita ta lalace, ashe cire wayarta aka yi! Shi ya sa yanzu nake ninka yawan sawu da tsawon hanya in gwada da mita, in sun saɓa na san an taɓa. Rasit ɗin da lambobinsa ke bin juna ɗaya bayan ɗaya alhali kwanakin daban ne, littafi guda aka saya ana cikawa a gida.

Kusa da lissafin litar nake sa kwana nawa mota ta kwana a gareji, sai abin da ya rage bayan mai da gyara da kuɗin tasha. Layi uku ne ga kowace mota, kuma mitar ni nake zuwa in karanta da idona.