Nohup, screen ko tmux: wanne zai riƙe maka aiki idan layi ya yanke?

Idan ka shiga wata na'ura ta nesa da `ssh` ka tayar da dogon aiki, rayuwar aikin tana ɗaure da zamanka a can. Da zarar layi ya yanke, na'urar za ta aika wa aikin saƙon `SIGHUP`, yawancin shirye-shirye kuwa mutuwa suke yi idan sun karɓe shi. Don haka kafin ka zaɓi magani, tambayi kanka: kana bukatar komawa ka yi hulɗa da aikin, ko sakamakonsa kawai kake so?

In sakamako kawai kake so, `nohup` ya wadatar. Yana sa aikin ya yi kunnen uwar shegu da wancan saƙon, ya zuba abin da ya rubuta cikin `nohup.out`. Amma idan aikin ya tsaya yana neman kalmar sirri ko amsar tambaya, ba ka da hanyar ba shi.

In kuwa kana bukatar komawa ka yi hulɗa da aikin, sai `screen` ko `tmux`, shirye-shiryen da ke riƙe maka zamanka a na'urar nesa ko da layi ya yanke. `screen` tsohon hannu ne, tun 1987 yake, kuma har yanzu yana aiki sarai. In shi ka tarar a na'urar da ba ka da ikon girka komai, yi amfani da shi ba tare da wata damuwa ba.

Ni dai `tmux` nake ba da shawara. Ga yadda aka gina shi: wani ɓangarensa yana zaune a na'urar nesa yana riƙe da aikin, kai kuma leƙowa kake yi kawai. A ce za ka kwafe manyan fayiloli da za su ci awanni. Bayan ka shiga da `ssh`:

```
tmux new -s kwafi
rsync -a --info=progress2 /data/ /backup/
```

Danna `Ctrl-b`, ka saki, sannan `d`, sai ka fita, aikin kuma yana ci gaba. Ko layi ne ya yanke da kansa, duk ɗaya ne. Idan ka dawo:

```
tmux ls
tmux attach -t kwafi
```

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne buɗe `tmux` a kwamfutarsu, sannan su yi `ssh` daga ciki. Wannan ba ya kare komai, domin aikin na can har yanzu a layin yake rataye. Dole `tmux` ya kasance a na'urar nesa, kuma a buɗe shi kafin a tayar da aikin.

Ka san iyakarsa kuma. Idan aka sake kunna na'urar, shi da aikin duk sun tafi. Alamar ita ce `tmux ls` ya nuna maka babu wani zama. Sannan layuka 2000 kawai yake tunawa na abin da ya wuce a allo, sai in ka ƙara `history-limit`, saboda haka aiki mai yawan rubutu a haɗa shi da `tee` ya adana a fayil. Aikin da kuwa dole ya tashi da kansa bayan an sake kunna na'ura, wannan na `systemd` ne, mai tayar da shirye-shirye a Linux idan na'ura ta kunnu.