Farin tef ko man tiredi: wanne ya fi tsayar da yoyo, kuma zagaye nawa ake naɗawa?

"Assalamu alaikum masana aikin famfo. Na haɗa bututun ƙarfe mai rabin inci da bawul na tagulla a ƙasan tankinmu, na naɗa farin tef har zagaye 20, amma kullum da safe sai in tarar wurin yana tsattsafo. Wani ya ce in bar tef in koma man da ake shafa wa tiredi. Wanne ya fi, kuma zagaye nawa ya kamata?"

Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka sayi komai, kwance haɗin nan, ka kankare tef ɗin tas, ka murɗa bututun cikin bawul da hannu, ba tef ba mai, kana ƙirga juyi. Abin da hannunka ya ji shi zai zaɓa maka tsakanin su biyun.

Dalili shi ne, tiredin bututun ƙarfe, wato haƙoran da ake murɗa shi da su, siriri ne a baki, yana ƙara kauri yayin da yake komawa baya, milimita 1 a kowane tsawon milimita 16. A bututu mai rabin inci akwai haƙora 14 a kowane inci, don haka duk juyi ɗaya da ka yi, kaurin da ke shiga bawul yana ƙaruwa da kusan milimita 0.11. Wannan matsewar ita ce take riƙe ruwa. Abin da ya rage kawai wata 'yar siririyar hanya ce tsakanin tsinin haƙori da gindin ɗan'uwansa, wadda take bin tiredin tana zagayawa har waje. Ita tef ko mai suke toshewa, sannan su ba ƙarfen santsi ya shiga inda ya kamata.

To ga abin da nake zaton ya faru da naka. Zagaye 20 a rabin inci ya binne haƙoran, bakin bawul bai samu abin kamawa sosai ba, sai ya tura tef ɗin baya. Duba wurin da kyau: in ka ga tef ya tattaru ya yi zobe a bakin bawul, kuma bututun juyi biyu ko uku kawai ya shiga, to yawancin tef ɗinka yana waje, cikin kuwa kusan ƙarfe ne da ƙarfe. Ga shi yawancin bawul na tagulla da ke kasuwanninmu tiredinsu na ciki miƙaƙƙe ne, ba ya tsukewa, saboda haka haƙora kaɗan ne na bakin suke yin aikin. In tef ya zame daga kansu, shi ke nan.

In a gwajin hannu bututun ya shiga juyi uku zuwa huɗu sannan ya cije, ba ya girgiɗi, tiredinka lafiya lau, tef ya ishe ka. Yawan zagaye kuwa ya danganta da kaurin tef ɗin, wanda ake rubutawa a jikin robarsa. Siririn nan da aka fi samu, mai milimita 0.075, ina yi masa zagaye 6 zuwa 8 a rabin inci, 8 zuwa 10 a inci ɗaya. Mai kauri, milimita 0.2, zagaye 2 zuwa 3 ya wadatar. Akwai kuma wani mai arha wanda in ka ja shi yake tsukewa ya koma zare, kana hango yatsanka ta cikinsa. Shi ƙirga ba ta da amfani a kansa, sai dai ka bi ido: ka naɗa har launin ƙarfen ya ɓace, amma layin haƙoran yana nan raɗau a ƙarƙashin tef.

Yadda ake naɗawa ya fi yawan zagayen muhimmanci. Riƙe bututun bakinsa yana kallonka, ka naɗa yadda hannun agogo yake juyawa, don murɗawar ta ƙara ɗaure tef ɗin. In ka naɗa a baibai, bawul zai warware shi tun juyin farko. Ka bar haƙori ɗaya na baki a tsirara, saboda shi ne zai fara kamawa, kuma guntun tef da ya leƙa cikin bututu yakan tsinke ya je ya maƙale a bawul ɗin tankin banɗaki ko a ragar kan famfo. Ka ja tef ɗin da ɗan ƙarfi ya kwanta a shimfiɗe, ka tsinke, ka bi shi da babban yatsa kana danna shi cikin haƙoran. Sai ka murɗa da hannu har ya tsaya, ka ƙara juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da sifana, in ya kai uku ka dakata.

Babban raunin tef shi ne ba ya son a dawo baya. Ka ce hannun bawul ya wuce inda kake so, bari ka ɗan sassauta kwata: tef ɗin ya riga ya matse ya ɗauki siffa, ba zai kumburo ya cike gurbin ba, yoyo ya samu hanya. In hakan ta faru, a kwance a sake sabon naɗi.

A nan mai yake da fifiko. Wanda ba ya daskarewa yana bin tiredin yana cike duk inda ya samu rami, kuma yana jure ɗan gyaran fuska. Inda na fi son sa shi ne tiredin da aka yanka da dayis na hannu a bakin aiki, wanda dayis ɗin ya dakushe ya bar haƙora a yayyage. Irin wannan tiredi yanka tef yake yi, mai kuwa shiga yake cikin tsagar. Haka nan manyan bututu, daga inci ɗaya da rabi zuwa sama. Ana shafa shi a namijin tiredi kaɗai, a cike gindin haƙoran, a nan ma a bar na baki. In ka shafa a macen, bututun zai ture shi cikin ruwan da iyali za su sha. Don haka ka karanta gwangwanin, ka tabbatar an rubuta ya dace da ruwan sha, in layin gas ne kuma ya dace da gas. Tsohuwar dabarar zare da fenti tana riƙe ruwa, amma ranar kwancewa za ka sha wuya, kuma ni ban yarda fenti ya haɗu da ruwan sha ba.

Wasu suna haɗa su, tef a ƙasa da siririn mai a sama. A ƙarfe mai tsohon tiredi ni ma ina yi, yana aiki.

A roba ne nake ja wa mutane kunne. Tef da mai duk suna ƙara santsi, hannu ba ya jin inda ya kamata ya tsaya, ga tiredin yana buɗa soket da kowane juyi. Soket ɗin roba da aka cusa wa bututun ƙarfe da tulin tef yakan tsage a tsaye, wani lokacin ba a ranar ba, sai bayan ya sha rana. Juyi ɗaya zuwa biyu bayan hannu ya tsaya, kada a wuce. Man da aka haɗa da mai na fetur kuma yana iya lalata wasu robobin, sai wanda aka rubuta ya dace da roba.

In kuwa a gwajin hannu bututunka ya shige har ƙarshen tiredi yana girgiɗi, an zurfafa yankan ne, ko kuma bututun ma miƙaƙƙen tiredi gare shi. Ba tef ba mai da zan ba ka tabbaci a kansa. Yanke bakin a sake tiredi, ko ka sa sabon nibul, wato guntun bututu mai tiredi a bakunansa biyu. Ka kuma haska bakin bawul ɗin da tocila, domin tagulla mai arha tana yin siririyar tsaga in an matse ta da yawa, kuma ruwan tsaga yana kama da yoyon tiredi. Bayan ka haɗa, ka buɗe ruwa, ka goge wurin ya bushe, ka ɗaura masa takardar tishu na awa guda. In ta jiƙe ta wajen tiredi, ƙara kwatan juyi sau ɗaya. In bai tsaya ba, kwance ka koma mai.