Odar 18 a Z_30: a yi ta tarawa ko a nemo gcd?

"Salam 'yan'uwa. An ce in nemo odar 18 a Z_30 ƙarƙashin tarawa. Wani ya ce in yi ta tara 18 har in kai sifili, wani kuma ya ce in raba 30 da gcd kawai. Wanne ne daidai, kuma wanne ya kamata in riƙe?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dukansu biyun gaskiya suka faɗa maka, kuma amsa ɗaya za su ba ka, wato 5. Sai dai kowace hanya da abin da take nuna maka, da kuma wurin da take kayar da mutum.

Tarawa ita ce ma'anar oda kanta. Z_30 lambobi ne daga 0 zuwa 29, inda ake raba duk jimla da 30 a ɗauki saura. In muka kira 30 ɗin n, 18 kuma muka kira ta a, to odar a ita ce ƙaramar lamba k, daga 1 zuwa sama, wadda in ka tara a sau k za ka sauka kan 0 bayan ka raba da n ka ɗauki saura. To mu tara. Sau ɗaya, 18. Sau biyu, 36, cire 30, saura 6. Ƙara 18, ka samu 24. Ƙara 18, 42 ke nan, saura 12. Ƙara 18, ka kai 30 cif, saura 0.

```
18 → 6 → 24 → 12 → 0
```

Taku biyar, don haka oda 5 ce.

Hanya ta biyu layi ɗaya ce. Ka nemo lamba mafi girma da ke raba 18 da 30 duka ba saura, ita ake rubutawa gcd(18, 30), kuma 6 ce. Sai ka raba 30 da ita:

```
oda(a) = n / gcd(a, n)
oda(18) = 30 / 6 = 5
```

Ban so ka haddace wannan ba tare da ka ga inda ya fito ba, domin daga cikin tarawar aka ciro shi. Tara 18 sau k daidai yake da 18k, kuma sauka kan sifili na nufin 18k ya zama ninkin 30, wato 18k = 30m. Raba ɓangarorin biyu da 6, ka samu 3k = 5m. Yanzu dole 5 ta raba 3k. Ita kuwa 5 ba abin da ya haɗa ta da 3, saboda haka k ɗin za ta raba, kuma ƙaramar k da 5 ke rabawa ita ce 5. Aikin gcd ke nan: ta kwashe duk abin da 18 da 30 suka yi tarayya a kai, abin da ya rage na 30 kuma sai k ta kawo shi da kanta.

A ƙaramar lamba irin taka, tarawa ta fi ba da riba. Sake duba lambobin da ka taka: 0, 6, 12, 18, 24. Duk ninkin 6 ne. Ba oda kaɗai ka samu ba, ka ga dukan ƙaramin rukunin da 18 ke haifarwa, ka kuma ga cewa shi ne dai wanda 6 ke haifarwa. Rabawa da gcd tana gaya maka yawansu ne, jera su kuma sai ka ƙara wani takun da kanka.

Da zarar n ta yi girma kuwa, labari ya sha bamban. Ɗauki 84 a Z_990. Da hanyar Euclid, kana raba babba da ƙarama kana riƙe saura:

```
990 = 11×84 + 66
84 = 1×66 + 18
66 = 3×18 + 12
18 = 1×12 + 6
12 = 2×6 + 0
```

Saura ta ƙarshe kafin sifili ita ce gcd, wato 6, don haka oda ita ce 990 / 6 = 165. Layi biyar ya gama aikin. Mai tarawa sai ya yi taku 165, kuma in ya zame a taku na arba'in, duk abin da ya biyo baya ya lalace bai sani ba. Don tabbatarwa, 84 × 165 = 13860, shi ne kuma 990 × 14.

Wajen kuskure ma ba ramin ɗaya suke faɗawa ba. Mai tarawa yakan ɓata ƙirga: ko ya ci gaba har sai ya sake ganin 18, ko ya rubuta 0 a farkon jeri da ƙarshensa ya ƙirga duka biyun, sai ya ce 6. Abin da ya sa wannan kuskuren ke da wuyar kamawa shi ne 6 tana raba 30. Ka'idar Lagrange ta ce dole oda ta raba yawan lambobin rukunin, to 6 ta tsallake wannan gwajin lafiya lau. Ninkawa ce ke tona ta: 6 × 18 = 108, in ka raba da 30 saura 18, ba sifili ba.

Mai gcd kuma yakan ɗauki lambar da ke raba su biyun amma ba mafi girma ba. Ya ga 3 tana shiga 18 da 30, ya raba, ya samu 10. Wannan ya fi na farko haɗari, domin 10 tana raba 30, kuma 10 × 18 = 180, saura sifili. Gwaji biyu duk ta ci, alhali ba ita ce ƙarama ba. Hanyar kama ta ita ce ka gwada lambobin da ke raba amsar taka: 5 × 18 = 90, saura sifili, ashe tun a taku na biyar an iso. Ko kuma ka duba abin da ya rage bayan rabawa da 3, wato 6 da 10. Har yanzu 2 tana shiga dukansu, alamar ba ka gama kwashewa ba.

Akwai kuma masu raba n kai tsaye da lambar da ake neman odarta. Ga 6 a Z_30 abin yana fita, 30 / 6 = 5, amma don 6 tana raba 30 ne, ita ce gcd ɗin da kanta. Ga 18 ko cikakkiyar lamba ba za ka samu ba.

Ka kuma kiyaye da kalmar "tarawa" a cikin tambayar. A nan sifili ake nema, ba 1 ba, kuma dabarar n / gcd ba ta aiki ga oda ta ninkawa. Da za ka yi ta ninka 18 da kanta a Z_30, za ka ga 18, 24, 12, 6, sai 18 kuma, ba za ka taɓa ganin 1 ba.

Ni dai shawarata, ka yi tarawa da hannunka a misali biyu ko uku har ka ga jerin yana komawa sifili, daga nan ka riƙe gcd a matsayin hanyar aiki, ka riƙa tabbatar da amsa da ninkawa, kana gwada har lambobin da ke raba ta. Gwada 7, 25 da 0 a Z_30 ta hanyoyin biyu. Ya kamata ka samu 30, 6 da 1. Ta 7 ta kai 30 ne saboda gcd(7, 30) = 1, don haka sai ta taka kowace lamba a rukunin kafin ta dawo. Ta 0 kuwa 1 ce, domin gcd(0, 30) = 30.