Hattara da mai haɗa fitilar "ba-e-biyan" ta bogi a Maradi

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a kan babur cikin sababbin gine-ginen unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo, yana cewa zai haɗa wa mutum ba-e-biyan, wato ampul guda a barandar cikin gida da za ka kunna daga bakin ƙofa ka kashe a ƙarshen baranda. Shi ke kawo kaya, shi ke aiki, kuɗi a dunƙule. A gidan ƙanwar mahaifiyata jaka 15 ya karɓa.

Makunnin ba-e-biyan na gaskiya ramin waya uku ne a bayansa: ɗaya an rubuta L ko COM, sauran biyu 1 da 2. Jar waya mai kuran tana shiga L na makunnin farko. Wayoyi biyu su tashi daga 1 da 2 su ratsa baranda zuwa 1 da 2 na ɗaya makunnin, sannan L nasa ya tafi ampul. Shuɗiyar waya kuwa ba ruwanta da makunni, kai tsaye take zuwa ampul.

Shi wannan bawan Allah makunni na kullum mai rami biyu yake sakawa cikin kwalin ba-e-biyan. Sai ya ba kowanne kuran, ya haɗa fitarsu wuri guda zuwa fitila. Ya ci kuɗin makunni, ya ci kuɗin waya.

Inda yake kama mutane shi ne wajen gwaji. Ya kunna a nan, ya kashe a nan. Ya taka zuwa can, ya kunna, ya kashe. Mai gida ya ce madalla. Ai ba a kan haka aka biya kuɗi ba! Da dare Inna ta kunna daga ƙofa, ta isa ɗakinta ta danna, fitila ta ƙi mutuwa, sai da ta sake takowa da sandarta har bakin ƙofa. Lambarsa tun ranar a kashe take.

Kafin ku ba kowa ko dala, ku yi gwajin da hannunku: a kunna a wannan gefe, a kashe a wancan, a sake kunnawa daga nan, a juya. A haɗi na gaskiya, duk makunnin da aka taɓa sai fitila ta canja, ko yaya ɗayan yake. Ku kuma juya bayan makunnin tun yana hannu ku ƙirga ramuka, ku tabbata na ukun akwai ƙarfe ciki, ba roba kawai ba.

Wanda aka riga aka yi wa, gyaran ba ya buƙatar fasa bango in tiyo na da fili: makunni biyu na gaskiya, da isasshiyar waya mai kauri 1,5 mm² don a cika biyun nan na tsakani. Amma a sauke dijontar tukuna, wato babban makunnin da ke yanke kuran na gida duka, a duba da abin gwaji, don volt 220 ce ke cikin wayar nan.