Na nemi kuɗina kaf, manaja ta mayar mini da na dare ɗaya

Kwana uku na kama ɗaki a wani otal saboda wani aiki. Daren farko na yi barcina lafiya lau. A dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, sai wani gunji ya taso ta bangon da ke kan gadona. Ya yi kamar minti goma ya tsaya, ina fara gyangyaɗi ya sake tasowa, har kofin da ke kan durowa yana kaɗawa. Ɗaya da rabi na buga waya wurin karɓar baƙi, aka ce mini ga mai gyara nan tafe. Har gari ya waye ban ga ƙeyar kowa ba.

Da safe na sauko ido jajir, na ce a ba ni kuɗina na kwana ukun gaba ɗaya in kama gabana. Da ƙarfi na faɗa, don baƙin da ke layi su ji.

Manajar ba ta amsa mini daga bayan teburin karɓar baƙi ba. Zagayowa ta yi, ta ja ni gefe, muka zauna, ta bar ni na amayar da abin da ke cikina ba ta katse ni ba. Sannan ta yi tambaya uku: lambar ɗaki, ƙarfe nawa abin ya fara, kuma ƙarar ci gaba take yi ko tana tsayawa tana dawowa. Da na ce tana tsayawa, sai ta gyaɗa kai ta ce famfon tura ruwa ne da ke bayan ɗakin, da ma sun san ya fara ba da matsala. Ta sa aka kawo littafin da ma'aikatan dare ke rubuta rahoto, ga kirana nan a rubuce, ɗaya da rabi, babu komai a gabansa.

"Yallaɓai, ka kira mu ba mu zo ba. Laifinmu ne, ka yi haƙuri," in ji ta.

Na kasa kunne in ji "amma", don na saba da ban-haƙurin da ke zuwa da wutsiya: amma ai babu wanda ya taɓa kuka da ɗakin nan, amma ai da ka sake kira. Ba ta faɗa ba. A nan rabin fushina ya zube.

Sai ta zo kan kuɗi, kuma a nan ne na fi yaba mata. Ba ta ɓuya a bayan "dokar otal ce" ba, kasa kwanakin ta yi ɗaya-ɗaya. Dare na biyu ban samu abin da na biya ba, za su mayar da kuɗinsa cif. Dare na uku zaɓi nawa ne: ko in tafi a mayar mini da kuɗinsa ba tare da an cire ko kaɗan ba, ko a mayar da ni wani ɗaki a can ɗaya ɓangaren, nesa da injin. Daren farko kuwa, ta tambaye ni ko na sami damuwa a cikinsa. Na ce a'a.

"To shi kam ba zan iya mayar maka ba, Yallaɓai, tunda ka kwana lafiya. Gara in gaya maka yanzu da in ce ka bari zan duba."

Na so in ja, na rasa ta inda zan kama, da bakina na ce na yi barci. Na ce a nuna mini sabon ɗakin. Ita da kanta ta raka ni, muka rufe ƙofa, ta kashe na'urar sanyaya ɗaki, muka yi tsit na minti guda ina saurare kafin na karɓi makulli.

Inda suka gaza kuwa, sun gaza. Yaron da ya ɗauki wayata da dare ba shi da izinin canza wa baƙo ɗaki sai manaja ta zo, alhali ga ɗakuna a kulle babu kowa. Da an ba shi wannan ikon, da maganar mayar da kuɗi ba ta taso ba sam. Kuma tunda sun san famfon na ciwo, me ya sa aka sa mutum a jikinsa?

Na biyu, da kati na biya, don haka ta kati kuɗin zai dawo. Ta rubuta mini a takarda, da adadin da sa hannunta, amma ba ta gaya mini cewa banki kan ɗauki kwanaki ba. Na yi ta duba waya ina zargin an yi mini wayo, sai a rana ta takwas kuɗin ya shigo.

Zan sake sauka a wurin in hanya ta biyo da ni, sai dai kafin in karɓi makulli zan tambayi abin da ke bayan bangon.