Zon ɗin PUBG Mobile da na Free Fire: wanne za ka fara da shi

"Salam 'yan uwa. Ni sabon shiga ne, kullum zon ke kashe ni kafin in ga abokin gaba. Me ya sa yake matsewa, kuma da wane lissafi ake sa masa lokaci? PUBG Mobile zan riƙe ko Free Fire?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka riƙe PUBG Mobile, ka zauna a taswirar Erangel har ka gane ta.

Erangel kilomita 8 ce tsawo, 8 faɗi, kuma mutum 100 ake saukewa a kanta. Kafin a yi nisa rabinsu sun faɗi. Da a ce filin ba ya raguwa, ragowar kowa sai ya shige ɗaki ya kwanta, a kai Asuba ba a haɗu ba. Shi ya sa ake rage fili yadda mutane ke raguwa, da da'irar da ake kira zon, wadda duk wanda ke wajenta jininsa ke raguwa. Idan aka rage faɗin da'ira zuwa rabi, filin cikinta kashi ɗaya cikin huɗu ne ke saura, wato mutum 25 za su ji cunkoson da mutum 100 suka ji a da'irar baya.

Lokacin kuwa waɗanda suka ƙera wasan ne suka tsara shi zango-zango. Kowane zango akwai jira, lokacin da farar da'ira ta fito amma shuɗin bango bai motsa ba, sannan matsewa, sannan yawan jinin da bangon ke sha duk sakan. Zangon farko jiransa dogo ne don ka samu bindiga da sulke, cizonsa kuma bandeji na iya tare shi. Can ƙarshe jira ya gajarce, cizon ya fi ƙarfin magani, don kada wani ya zauna a waje yana shan magani har ya ci wasa. Ma'aunin duka shi ne girman taswira da gudun ɗan wasa.

Abin da ya sa nake son Erangel ke nan, lissafin a fili yake. Babban murabba'i a taswira kilomita 1 ne, ƙaramin mita 100, kuma gudun ƙafa wajen mita 6 ne a sakan. Mu ɗauka jira minti 2 ne, matsewa minti 1. Sakan 180 sau 6, ka ga mita 1,080. In tsakaninka da farar da'ira babban murabba'i ɗaya da rabi ne, ƙafa ba za ta kai ka ba, nemi mota tun yanzu. Kuma ka lura, sabuwar da'ira ba kasafai take faɗawa tsakiyar tsohuwa ba, amma bangon ko ta ina lokaci guda yake isa. Gefen da zai ci mita 1,200 cikin sakan 60 yana tafiya mita 20 a sakan, fiye da ninki uku na gudunka, alhali ɗaya gefen rarrafe yake. Yawancin sababbi a nan suke mutuwa, suna jiran sai sun ga bango sannan su tashi.

Wani dare a Agege, bayan mun rufe shago, mu huɗu muka sauka sansanin soja na Sosnovka, tsibirin kudu. Da'ira ta faɗa can arewa. Gada biyu ce kawai, kuma mun san akwai masu kwanton ɓauna a kansu. Ƙanina ya ƙirga murabba'ai ya ce mu bar kwasar kaya, jira bai ƙare ba muka nemi kwale-kwale muka zagaya ta ruwa. Muna hawa tudu muna jin harbi a kan gada. Ranar muka fara cin wasa tare, har yau in mun haɗu sai an tuna.

Free Fire mutum 50 ne, wasa wajen minti 10, zon ɗin a gaggauce yake saboda filin ƙarami ne. In wayarka ba ta da ƙarfi zai yi maka, amma ban koyi karatun da'ira a can ba.

Sai ka yi hattara da masu tallar fayil wai yana nuna inda zon na ƙarshe zai faɗa. Sabar wasan ce ke zaɓar wurin, ba wayarka ba, kuma in aka kama ka da irin fayilolin nan ana iya rufe maka akawun har shekara 10. Haka masu tallar UC, wato kuɗin cikin wasan PUBG Mobile, mai araha. Na taɓa tura wa wani kuɗi, daga nan lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Duk wanda ya nemi kalmar sirrinka don ya zuba maka, kada ka ba shi, ka saya a cikin wasan.