Gargaɗi ga masu shagon kwamfuta a Katsina: ku yi hattara da mai sayar da talabijin "4K"

Assalamu alaikum. Ina da ɗan shagon buga takardu da zanen katin biki a wajen Ƙofar Kaura, kuma abin da zan faɗa ni ya faru da ni, ba labari aka ba ni ba. Akwai wani mutum da ke tallar talabijin a sitatus ɗin waya da zaurukan saye da sayarwa na garin nan, yana cewa inci 43 ne, 4K, "ya fi monita, rubutu tar kamar a takarda". Ba shi da shago. Kaya a bayan mota yake kawowa, kuma masu aikin kwamfuta yake nema musamman, don ya san muna son babban allo amma kuɗin babban monita ya fi ƙarfinmu.

Na biya shi naira dubu 165. Da ya kawo, sai ya zaro filas daga aljihu ya soka, ga furanni da tsuntsaye, launi kamar ka kai hannu ka taɓa, ga 4K an rubuta a kusurwar hoton. Na ce bari in haɗa kwamfutata mu gani, ya ce, "Haba Alhaji, ai ka gani da idonka, sauri nake zan kai wa wani nashi a Daura kafin la'asar." Nan na yi wautar. Bidiyo ba ya tona asirin allo, domin hoto mai motsi da launi mai ƙarfi yana rufe komai, kuma wancan 4K ɗin a jikin bidiyon yake, ba talabijin ɗin ne ya rubuta ba. Ƙananan haruffa baƙaƙe a kan farin shafi su ne ke tona shi.

Da dare na haɗa da wayar HDMI. Rubutu ya fito a dagule, kamar an buga takarda ruwa ya taɓa ta. Harafin ɗ da d sai na matso kafin in bambanta su, layukan Excel wasu sun yi kauri, wasu sun yi siriri, wasu sun ɓace gaba ɗaya, sandar ƙasan Windows kuma rabinta ta shige bayan firam. Na shiga Settings, System, Display, na duba Display resolution, mafi girman abin da ke ciki 1920 x 1080 ne. Babu 3840 x 2160 ko alama, alhali shi ne adadin da ake kira 4K.

Na kira shi. Ya ce laifin wayata ne, tsohuwa ce, ba ta ɗaukar 4K, amma yana da ta asali dubu 12. Na saya, babu abin da ya canza. Sai ya ce ai kamfani kulle 4K ɗin yake yi, in tura dubu 15 yaronsa ya zo ya buɗe da sofwaya. A nan jikina ya ba ni, na ɗauki talabijin ɗin na kai wa wani dattijo mai gyara da muka daɗe da sani.

Bai ko kwance shi ba. Ya ce, "Ɗana, miƙo mini tef ɗin can." Ya auna gilashin kaɗai, ban da firam, daga kusurwa zuwa kusurwa: santimita 99. Wato inci 39 ke nan, don inci 43 na gaskiya santimita 109 yake yi, faɗinsa kuma wajen 95. Nawa faɗinsa 86. Ƙarya ta farko ke nan, tun ba a je ga 4K ba.

Sai ya sa na buɗe farin shafi, ya ɗora rula a jikin gilashin, ya ɗauki hoto da wayarsa kusa-kusa, muka buɗa hoton. Allon talabijin ko na monita ɗigo-ɗigo ne jere, ana ce wa kowane ɗigo fiksel, kuma kowane ɗaya yana da 'yan sanduna uku, ja da kore da shuɗi. Muka ƙirga nawa ne suka shiga santimita ɗaya, muka samu 16. Ka ninka 16 sau 86, zai ba ka wajen 1,376, wato allon mai ɗigo 1366 ne a kwance da 768 a tsaye, irin wanda ake rubuta wa HD Ready a kwali. Da 4K ne inci 43, ɗigo 40 za mu samu a santimita ɗaya, har ƙirgawar ma sai ta yi wuya. Da ma 1920 x 1080 ne a wannan girman nawa, da mun samu wajen 22.

Wannan ƙirgen shi ne abin da nake so kowa ya riƙe, don shi kaɗai ne ba a iya yi wa dabara. Ɗigon nan a jikin gilashi aka ƙera su tun daga masana'anta. Ba waya, ba sofwaya, ba wani yaro da zai zo ya ƙara ko ɗaya. Allon 4K yana da ɗigo sama da miliyan 8, nawa miliyan ɗaya da 'yan kai. Duk wanda ya ce maka zai "buɗe" 4K, kuɗinka yake so ya buɗe.

Na tambayi dattijon, to me ya sa Windows ya nuna mini 1920 x 1080, har da Recommended a gefe? Ya ce kwamfuta ba ta da ido. Idan ka soka HDMI, talabijin ne ke gaya mata abin da yake iya karɓa, ita kuma ta yarda. Karɓa daban, nunawa daban. Nawa yana karɓar hoto mai ɗigo miliyan 2, sai ya matse shi cikin miliyan ɗaya, ya zubar da kusan rabi. A fim ba za ka lura ba. Amma layin Excel kaurinsa ɗigo ɗaya ne tak, ƙafar ƙaramin harafi ma ɗigo ɗaya ko biyu ce, don haka in aka matse, wani layin ya faɗa tsakanin ɗigo biyu ya dushe, wani ya ɓace. Saboda haka ko da Windows ya nuna maka 3840 x 2160, kada ka ɗauka magana ta ƙare, shaidar talabijin ce a kan kansa.

Maganar waya kuwa, akwai ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa ƙaryar ke shiga. Tsohon ramin HDMI 1.4 yana kai 4K amma sau 30 kawai yake sabunta hoto a daƙiƙa, sai ka ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi. Sai HDMI 2.0 ne ke kai 60 da cikakken launi. Amma waya marar kyau yawanci hoto ne ke ɗaukewa yana dawowa, ko ka ga tartsatsi a allo. Ba ta mayar da rubutu dagulalle alhali hoto yana zaune lafiya.

Ba kowane talabijin mai dagula rubutu ne na damfara ba, kada wani ya je ya ci mutuncin mai shago a banza. Talabijin na gaskiya ma haka yake yi in ba a saita shi ba, domin an ƙera shi ne don kallo daga nesa. Abu na farko, yana ɗan buɗa hoton ya yanke gefe-gefe, shi ya sa sandar ƙasa ke ɓacewa, kuma wannan buɗawar kaɗai ta isa ta lalata rubutu, don ɗigon kwamfuta bai ƙara dacewa da ɗigon allo ɗaya bayan ɗaya ba. A saitin girman hoto ake kashe buɗawar, ta hanyar kunna zaɓin da LG ke kira Just Scan, Samsung Fit to Screen, Sony Full Pixel. A talabijin da yawa kuma, in ka canza sunan ramin HDMI ɗin zuwa PC, shi da kansa zai daina wannan buɗawar, ya kuma daina rage bayanan launi. Za ka gane an daina ragewa in ka rubuta jan rubutu ƙanana a kan shuɗi ya fito a karance, bai yi jirwaye ba.

Na biyu shi ne Sharpness. Sunan na yaudarar mutane, sai su ƙure shi suna zaton rubutu zai ƙara fitowa, alhali farin zobe yake zanawa a gefen kowane harafi. Ka yi ta rage shi har zoben ya ɓace; a wasu sai an kai sifili, a wasu kuma sifili na dusar da hoto, sai a tsaya kafin nan. Bayan haka ka bar Display resolution a kan ainihin adadin allon, in rubutu ya yi maka ƙanana kada ka rage shi, ka je Scale ka sa 125% ko 150%. Sannan ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta `cttune`, ka zaɓi samfurin rubutun da ya fi yi wa idonka daɗi a kowane mataki. Duk wannan bai wuce minti goma ba, kuma ba a biyan kowa ko sisi. In talabijin na gaskiya ne, nan take za ka ga bambanci.

Nawa mun yi masa duk wannan. Da muka mayar da kwamfutar kan 1366 x 768, layukan suka daidaita, dagulewar ta ragu, amma haruffa suka zama manya masu haƙora-haƙora, kuma abin da ke shiga allon bai wuce na ƙaramar laftof ba, an dai baza shi ne a faɗin inci 39. Ɗigo wajen 40 ke nan a kowane inci, alhali monita inci 24 mai 1920 x 1080 yana da 92. Ba wanda zai zauna gaban irin wannan yana gyara katin biki awa shida idonsa bai yi ruwa ba.

Na tura wa mutumin hoton rular da lissafin, na ce ya zo ya ɗauki kayansa. Ya karanta, bai amsa ba, washegari lambar ta daina shiga. Rasit babu, don ban nema ba, lambar samfurin da ke bayan talabijin ɗin kuma da muka bincika ba ta fito a shafin kamfanin da aka manna sunansa a gaba ba. Sitika ce kawai, har gefenta ya fara ɗagowa. Na kai ƙorafi wurin 'yan sanda da shaidar tura kuɗin da na yi, ana kan bin asusun.

Sati biyu da suka wuce wani abokin sana'ata ya turo mini talla iri ɗaya, hotuna iri ɗaya, kalmomi iri ɗaya, amma da sabuwar lamba, yanzu kuma har da inci 50. In ya zo maka, ka ce sai ka haɗa kwamfutarka ka buɗe Excel kafin ka biya, ka fito da tef da rula a gabansa. Inci 50 na gaskiya santimita 127 ne kusurwa zuwa kusurwa, kuma in 4K ne za ka ƙirga ɗigo wajen 35 a santimita ɗaya. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsa, ya adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin da suka yi, ya kai wa 'yan sanda, don lamba yake canzawa amma sunan da ke kan asusun da aka turo wa abokin nawa shi ne dai wanda na tura wa kuɗina.